Keken Lawali da Rumbun Damina

Na buɗe rumbun damina tun ruwa bai sauka ba, na fid da dami goma sha takwas na gero, na sayar, na saya wa ɗan ƙanwata keken ɗinki. A daminar nan ɗana na fari ya tafi Arewa, hanyar hamada zuwa Libiya. Ku 'ya'yana kun ji labarin a bakuna da yawa, kowane da gishirinsa. Yanzu ku ji shi a bakina. Ban shiga lakwal ba, wato makarantar boko, ban san riƙon alƙalami ba. Faɗa nake ana rubutawa.

Takardar ta zo da bazara, saura wata guda a kama azumi. Wani ɗan kabu-kabu ne da ya taso daga Magarya ya tsaya ƙofar gida, bai ko kashe babur ba, ya miƙo mini ita ya wuce. Daga Lawali take, ɗan Hajara ƙanwata. Ubansa ya rasu yana goye. Hajara ta sayar da saniyarta da tasoshin aurenta ɗaya bayan ɗaya har yaron ya gama babbar makaranta a Damagaram, ya fito da difuloma. Duk dangi mun zuba ido mu ga ranar da zai zauna a buro, ofishin ma'aikata. Damina uku ta wuce yana kai takardu, ana ce masa ya dawo. Na juya takardar a hannuna, na yi mamaki, don yana da wayar salula, ni ma ina da ita. Daga baya na gane. Akwai maganar da baki ba ya iya ɗauka zuwa wurin kawu, sai a ɗora wa takarda, ita ba ta da idon jin kunya.

Na kai wa Mushe Idi, malamin lakwal na garinmu, Mushe kuwa laƙabin 'yan boko ne a wurinmu. Na same shi ƙarƙashin gawo yana fifita da kwali. Ya buɗe, ya bi ta da ido, ya dube ni.

"Malam Ɗanjuma, a karanta duka, ko a tsallake gaisuwa?"

"Karanta duka. Gaisuwar ma tawa ce."

Ga abin da ke ciki, yadda ya zauna a kaina:

"Zuwa ga Kawu. Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, da Inna Laure, da yara. Kawu, ka san halin da nake ciki. Na gaji da cin tuwon tsohuwa ina da gemu. Lokacin da nake karatu na zauna wurin wani tela, ina yi masa ƙananan ayyuka don in sami na sabulu. A nan na koyi yanka da haɗawa. Na iya riga da wando, da na yara, da zanen mata. Abin da ba ni da shi keke ne. Na tambaya, tsohon keke na ƙafa mai lafiya, da almakashi da dutsen guga da zare, za su ci jika sittin na sefa. Rance nake roƙo, ba kyauta ba. In na samu kafin azumi zan kama ɗinkin Salla. In ba hali, babu komai, kada ka takura kanka. Akwai abokaina da za su hau mota zuwa Agadas bayan Salla, daga can su wuce gaba, sun ce in zo mu tafi. Ɗanka, Lawali."

Mushe Idi ya naɗe takardar yana girgiza kai.

"Karatun shekara goma sha, a ƙare a taka keke. Allah ya kyauta."

"Kai da ka ƙare a alli, wata nawa rabonka da albashi?"

Ya yi dariya ya ce in bar tone-tone da zafin rana.

Ni ban ji kuɗin ba sosai. Layin ƙarshe na ji. Ku ba ku san Arewa ba sai a bakin masu dawowa da rediyo da bargo. Ni na santa. Ina saurayi na tafi da ƙanena Isuhu, wanda Hajara ke bi. Motarmu ta mutu a wurin da babu itace, babu tsuntsu, babu ko ƙuda. Da rana ƙasa ta riƙa zama ruwa a gabanmu, tabki shimfiɗe, shuɗi, har da inuwar giginya a ciki. Isuhu ya riƙa cewa yana jin ana daka a gidanmu, yana jin luguden taɓarya, wai an kusa gama fura. Ya tashi zai je, na danne shi. Ya sake tashi, na sake dannewa. Da ya daina tashi na tona rairayi da murfin kwano na sa shi. Ban ga wurin da zan yi wa alama ba. Har yau in rana ta take, na rufe ido, ina ganin tabkin nan, kuma wani lokaci akwai mutum a bakinsa yana wanke ƙafa, ya ba ni baya. Ranar da na baro gindin gawon Mushe Idi na ga mutumin, sai ƙeyarsa ta yi mini kama da ta Lawali.

Ba ni da jika sittin. Ba ni da sa, awaki biyun da ke gida na Laure matata ne. Rumbu gare ni biyu. Na rani, shi ake ci tun daga kaka. Na damina kuwa, ranar da aka cika shi ake ɗora masa hula a ɗaure, ba mai taɓa shi sai shuka ta fito an shiga noman fari, lokacin da mai fartanya ke bukatar ciki cike, hatsi kuma ya yi tsada a kasuwa. Haka ubana ya yi, haka nasa uban. A garinmu in aka ga hular rumbun damina a ƙasa da bazara, tambaya ake yi wa ya mutu.

Na faɗa wa Laure tana tankaɗe. Ba ta ɗago ba.

"Rumbun wa?"

"Namu."

"To. In damina ta raba tsakiya sai mu dafa allura mu yi miya da zare."

"Zai biya."

"Yaushe? Malam, yunwa ba ta san zai biya ba."

Habu yana zaure yana gyaran ƙotar fartanya, ya ji komai. Ɗan fari ne, ban taɓa kiran sunansa da bakina ba, a nan ne kawai zan kira, don ku san wa nake nufi. Shi ne ƙarfin gonata. Kafin wannan da shekara ya roƙe ni in taimaka masa ya sayi babur ya yi kabu-kabu tsakanin Dungas da Mallawa, na ce ba ni da shi, kuma gaskiya na faɗa, kuɗin babur ya fi rumbunan nan biyu. Ya shigo ya durƙusa nesa kaɗan.

"Baba, geron nan ni na nome shi."

"Na sani."

"Ashe laifina da ban iya rubuta takarda ba."

Ban saba doguwar magana ba, kuma ban taɓa ba shi labarin Isuhu ba. Na ce ya ɗauko tsani. Shi ya hau, shi ya kwance hular, shi ya riƙa jefo damin ina ƙirgawa. Laure da maƙwabtanta suka sussuke, suka sheƙe. Muka ɗora buhuna a amalanken aro zuwa kasuwar Dungas, aka auna da tiya, ma'auni yana tula kai yana cewa hannunsa ne ya zame. Da yamma kuɗin suna lalitata.

Na aika Lawali ya zo. Ya rame, wuyansa kamar na zalɓe, da tsohuwar rigar kanti da ya goge ta har ta yi ƙyalli. Shi da Habu taubasai ne, ɗan mace da ɗan namiji, ba sa haɗuwa ba su taɓa juna ba.

"Ga bawana ya iso," in ji Habu. "Mushe tela, gwamnan ɗinki. Ina difulomar? Kawo a yanka mini hula da ita."

"Kanka ya fi ƙarfinta, ubangidana. Sai dai buhu."

Suka yi dariya, amma ta Habu ba ta kai ido ba.

Na kira liman da Mushe Idi suka zauna shaida. Na ce wa Lawali ni ban san jika ba, dami na sani. Dami goma sha takwas na ba shi, dami goma sha takwas zai mayar, ba ƙari ba ragi, da kaka. Laure daga bayan danga ta ce wannan cinikin wawa ne, a fid da gero lokacin da yake da daraja, a karɓe shi lokacin da kaji ma sun ƙoshi. Gaskiyarta. Amma na san in na ce ya biya da damina, keken zai sayar ya biya.

Maigatari muka tsallaka, don can tsofaffin kekuna suka fi araha. Muka canza sefa zuwa naira wurin 'yan canji, aka ba mu tuli kamar mun yi arziki. A rumfar mai kekuna an jera su baƙaƙe, wasu an shafe su da sabon fenti. Ni da na ɗauki mai ƙyalli. Lawali bai ko dube shi ba. Ya zauna gaban wani da zanen jikinsa ya goge, ya juya ƙaramar wilin hannu a hankali, ya kara kunne. Ya zame farantin da ke ƙarƙashin allura, ya fid da kwarkwaro da gidansa, ya shafa bakin ƙugiyar da ke ɗauko zare ya ji ko ta dakushe. Ya taɓa haƙoran da ke jan yadi. Ya kama sandar allura ya girgiza ya ga ko tana rawa. Sannan ya fid da ƙyalle daga aljihunsa, da shi ya zo tun daga gida, ya ɗinka shi falle ɗaya, ya ninka huɗu ya sake bi ta kai. Ya juya bayan ɗinkin ya nuna mini.

"Kawu, keke a baya ake gane shi. In zaren ƙasa ya yi tsumma, ko ya riƙa tsallake, wahala za ka saya. Wannan dubi, sama da ƙasa ɗaya."

Mai kekuna ya ce, "Yaro, saya za ka yi ko aure?"

"Auren ne, Alhaji. Shi ya sa nake bincike."

Igiyar da ke haɗa wilin ƙafa da na sama ta tsufa, ta saki. Da ita Lawali ya karya kuɗin, har aka yi mana gyara da sabuwar igiya da 'yar kwalbar mai. Na ga hannunsa a kan ƙarfen nan, na ga ba ƙarya ya rubuta ba. Da abin da ya rage ya sayi almakashi babba, da metir na awo, da alli, da allurai masu kauri da sirara, da zare fari da baƙi, da dutsen guga na gawayi. Aka kwance kan keken daga teburinsa, aka naɗe shi a buhu. Lawali ya rungume shi a babur kamar jariri, ni na bi da ƙafafun ƙarfen a wani babur ɗin, suna sukar haƙarƙarina har gida. A bakin iyaka ɗan duwan, jami'in kwastan, ya leƙa buhun, ya ga tsufan abin, ya ce mu wuce, Allah ya ba da sa'a.

Ya kafa rumfar zana a bakin kasuwar Dungas. Kwanakin farko ba mai kawo yadi, sai masu zuwa kallon mai difuloma yana taka keke. Hajara ta aiko mini da saƙo cewa ba don wannan ta sayar da saniyarta ba, ta yi wata biyu ba ta gaishe ni. Yaron ya fara da faci: gwiwar wando, bakin buhu, aljihun da ya yage, dala ashirin, dala talatin. Da azumi ya kai goma sai yadi ya fara zuwa, don manyan teloli sun cika sun daina karɓa. Yakan auna mutum, kafaɗa, hannu, tsawo, ya rubuta, ya yanki ɗan ƙyalle daga yadin ya manna a gefen sunan don kada na wani ya shiga na wani. Ya zana da alli, ya yanka da safe lokacin da ido ke da ƙarfi, ya haɗa da rana. Ranar kasuwa nakan zauna gefensa. Ga ƙishirwar azumi, ga zafi, ga ƙarar keken nan, sai in ji kamar ruwa ne ke sauka a kan kwano. Ina gyangyaɗi in ga gero ya yi kai a cikin rumfar, yadudduka suna kaɗawa kamar ganye, in farka in ga yaron ya sunkuya, zare a bakinsa.

Ya yi ɗinkin Salla da yawa, kuɗi kaɗan. Haka sana'ar take a ƙauye. Mutum ya ba da rabi kafin alƙalami, ya karɓi kayansa da safen Idi ya ce sauran sai kaka, kuma ba ka hana mutum rigarsa ana kabbara. Motar abokansa ta tashi bayan Salla, ba shi a ciki. Da aiki ya yi sanyi ya riƙa ɗaure kan keken a bayan ɗan kabu-kabu yana bin kasuwanni, Guci, Mallawa, yana aron teburi a can, yana yi wa Fulani ɗinkin riguna da faci. Abin da ya samu ya ci, ya ba uwarsa.

Damina ta zo da gardama. Muka yi shuka, ta ƙone, muka sake. Noma ya ja baya, rumbu bai ja ba. Kafin gero ya yi ciki Laure ta shiga rumbun da tsintsiya. Ku manyan kun tuna sauran: tafasa da safe, tafasa da dare, ɗan ƙuli a kai in an samu. Tiyar da na sayar da bazara na koma ina sayenta kusan ninki. Akuyar Laure ɗaya ta tafi. Ni da Habu muka riƙa yin ƙodago a gonakin mutane da safe, mu shiga tamu da la'asar. Laure ba ta ce ta faɗa mini ba. Da ta faɗa da ya fi sauƙi.

Ranar da muka gama maimai, Habu ya wanke fartanyarsa, ya rataye, ya zo ya durƙusa da rana tsaka.

"Baba, zan tafi Arewa. Akwai mota jibi daga Damagaram."

"Saura kaɗan a ci tumu."

"Bana a ci. Baɗi fa? In wata takarda ta zo?"

A ranar na ba shi labarin Isuhu, duka, har murfin kwanon. Ya saurara kansa a ƙasa. Ya ce yanzu motoci sun fi na da, kuma akwai salula. Na ce ban yarda ba. Ya ce ya ji, amma a yi masa addu'a. Namiji mai shekara ashirin da biyar ba a danne shi a rairayi. Ba ni da sauran abin da zan buɗe in tsayar da shi.

Lawali ya ji, ya zo a guje, ya same shi a tasha. Mutanen da ke wurin suka ba ni labari. Ya fid da duk abin da ke aljihunsa, ya ce kuma zai sayar da keken a ranar, a mayar da gero.

"Ka sayar, mu zama marasa aiki biyu?" in ji Habu. "Mayar da kuɗinka, bawa ba ya yi wa ubangida guzuri. In na dawo da shadda, kai za ka ɗinka, kuma ba zan biya ba."

"Sai na yi maka hannu ɗaya ya fi ɗaya."

"Ka kula da tsoho."

Gero ya yi kyau a shekarar, abin haushi. Masu bashin Salla suka biya Lawali, wasu da kuɗi, wasu da dami. Ya cika sauran a kasuwa. Wata safiya amalanke ya tsaya ƙofar gida, dami goma sha takwas, manya, ɗaurin kirki. Ya kira liman da Mushe Idi suka gani. Ya hau tsani da kansa ya jera su, ya ɗaure hula. Laure ta kawo masa fura, ta tsaya har ya shanye, ta karɓi ƙwaryar ta shiga ɗaki, ba ta fito ba sai la'asar.

Habu ya kira daga Agadas. Ya sake kira daga wani gari a Libiya, ya ce yana aikin gini, ya aiko da kuɗi sau biyu, da su aka sayi tinkiyar da kuka sani. Daga nan lambar ta daina shiga. Wani ya ce ya gan shi a bakin teku. Wani ya ce a gidan kaso. Wani ya ce ya yi aure can, yana da 'ya'ya farare. Ban yi masa salla ba, ban yarda a raba kayansa ba.

Na san abin da wasunku ke faɗa, cewa na sayar da ɗana na sayi ɗan wani. Ba haka na auna ba. Na ga yaro guda a bakin rami, na miƙa abin da ke hannuna. Ban ga na biyun ba, don yana bayana yana riƙe da tsani. Kada ɗayanku ya riƙe Lawali a zuci. Rance ya roƙa, ya biya, bai ci ƙwayar kowa ba. Keke uku gare shi yanzu da shago na bulo, yara na koyo a hannunsa, Hajara a gidansa take, kuma duk rigar da kuka sa da Salla tun daga shekarar nan kun san inda ta fito.

Ni yanzu ƙafa ta ƙi gona, ido ya fara hazo. Ranar kasuwar Dungas nakan sa a kai ni shagonsa. Ya ajiye mini tabarma a waje, ta gefen da ke kallon tasha, ban roƙa ba, bai kuma ce don me ba. Kekuna na ƙara a bayana kamar ruwa a kan kwano. In mota ta tsaya, ba na ganin fuska daga nan, tafiya nake dubawa. Ɗana na fari yana jefa ƙafar hagu waje kaɗan in ya gaji. Nan nake zaune har motar ƙarshe ta sauke mutanenta.